Abin da Yara Suka Kwasa Daga Fuskata

Litinin, 4 ga Oktoba, 1965

Na koma lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa. Yara arba'in da biyu, 'yan aji biyu. Tun hanya na yi wa kaina alkawari ba wanda zai ga komai. Abin da ya faru cikin Agusta nawa ne ni da mijina Elisha, da ƙaramin kabarin da muka baro Maraɗi. Yaron ko suna bai samu ba.

Na sa zanena mai ruwan ƙwai, na yi murmushi tun daga ƙofa. Mushe Audu, shugaban lakwal (Mushe ake kiran malamai maza, daga Faransanci), ya ce, "Madam Dinatu, kin yi ƙoƙari." Na ji daɗi.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Ajin shiru ƙwarai. Ban taɓa samun yara masu ladabi haka ba. Ana jin alli na tafiya bisa allo, ana jin balbelu daga bakin tabki.

Laraba, 13 ga Oktoba

Uku sun ce ciki na ciwo. Biyu sun yi dambe kan guntun alli, kuma da na tambaya ba wanda ya san abin da ya hasala shi.

Da marece na tsaya ina kallon tabki. Ruwa ya cika, furen bado ya rufe gefe guda. Wani kwale-kwale can tsakiya, ban iya gane tafiya yake ko tsaye ba. Haka nake jin kaina.

Elisha ya dawo daga duba gonakin gyaɗa na Safo. Yanzu ko takalmi yake cirewa a hankali yake yi, kamar akwai mai barci cikin ɗakin. In na ji wannan lallaɓawar sai ƙirjina ya ɗaure. Shi kuma ya dubi fuskata ya ƙara lallaɓawa. Mun ci tuwo, ba abin da ake ji sai motsin kwano.

Talata, 19 ga Oktoba

Yara talatin da huɗu suka zo yau. Magana ta fara yawo gari, wai yaran ajina suna komawa gida ba su cin abinci, wai akwai wani abu cikin ɗakin, ko cikin tsamiyar da ke bayansa. Mushe Audu ya ce mu yi musanyar ɗaki da shi don a huta da surutu. Ya ce in aji ya kasa talatin, masu zuwa bincike daga Maraɗi za su iya rufe shi. Dama da kyar aka shawo kan iyayen 'yan matan ajin suka kawo su.

Asabar, 23 ga Oktoba

Mun yi musanya. Shirun ya biyo mu. Yaransa kuwa na can gindin tsamiya suna ta shewa.

Talata, 26 ga Oktoba

Jiri ya ɗebe ni, Mushe Audu ya ce in zauna baranda ya riƙe mini ajin. Ina jingine da bango, ido rabi a rufe. Ban fi minti goma ba sai na ji dariya. Yarana ne. Ba wani abin dariya ya faɗa ba, lissafi yake yi musu. Mutum ne dai mai sakin kafaɗa, muryarsa na hawa tana sauka. Na ji benci na motsi, na ji ana rige-rigen ɗaga hannu.

Da na ji sauƙi na shiga. Ban ce uffan ba, murmushina na nan. Na ga abin da idona: layin gaba suka fara yin tsit, sai na bayansu, sai na bayansu, kamar inuwar girgije na ratsa gona. Kafin in kai tebur an gama.

To ai ban yi musu komai ba.

Laraba, 27 ga Oktoba

Safiya, ɗiyar Shu'aibu masunci, ita ke zaune gabana. Shekararta takwas, kuma idonta ba ya barin fuskata. Yau na lura da zamanta: kafaɗu a ɗage, haƙora a cije, hannun hagu dafe bisa mara. Numfashinta gajere, daga sama-sama. Na ce a raina, ina yarinya ta samo zaman tsofaffi? Sai na duba ƙasa na ga nawa hannun.

Na sauke shi. Ba a jima ba ita ma ta sauke, tana ci gaba da rubutu, ba ta ma sani ba.

Lokacin shan iska na ce, "Safiya, me ke damunki?" Ta ce, "Ba komai, Madam. Ina jin kamar na ɓatar da wani abu, amma na duba jakata komai na nan."

Alhamis, 28 ga Oktoba

Ba lakwal. Na wuni wajen Inna Dije, tsohuwar da muke zaune gidanta. Tana kaɗi gindin iccen bedi. Ba ta cika magana ba. Ta murza mazari a cinya, ta saki, zare ya yi ta tsawo, ta naɗe. Ban san lokacin da numfashina ya bi hannunta ba. Na dai farga haƙorana sun rabu, bayana ya kwanta jikin icce, har na yi hamma don ita ta yi. Na ɗan yi gyangyaɗi, na ga tabki ya shigo tsakar gida a hankali, bai jiƙa komai ba.

Da na farka na ba ta labarin Safiya. Ta ce, "Ɗiyata, ko jinjiri in uwarsa na cikin tsoro ƙin nono yake yi. Wa ya gaya masa? Jiki ke gaya wa jiki." Na ce ai murmushi nake yi musu. Ta ce, "Baki kaɗai. Idonki fa? Wuyanki fa?"

Na ji haushinta kaɗan. Amma na lura haushin bai kama ta ba. Ta dube shi kamar baƙo, ta ci gaba da kaɗi, shi ma ya gaji ya tafi.

Litinin, 1 ga Nuwamba

Ba lakwal, ranar hutu. Na yi ta gwada fara'a gaban madubi.

Talata, 2 ga Nuwamba

Na shiga da ƙarfi, da tafi, da waƙa, murya sama. Abin ya fi muni. Suka yi ta kallona kamar kaji sun ga inuwar shaho. Bakina na faɗin abu guda, sauran jikina na faɗin wani, ba su san wanda za su bi ba. Wata ta fashe da kuka, biyu na gefenta suka ɗauka.

Talatin da ɗaya.

Juma'a, 5 ga Nuwamba

Shu'aibu ya zo da kansa, ƙafafunsa duk laka. Ya gaishe ni da mutunci, idonsa ƙasa. Ya ce, "Madam, ba laifinki ba ne. Yarinyar ce ta sake. Da in ta shigo gida sai mun ce ta yi shiru. Yanzu ta zauna jugum, uwarta ta zauna jugum, ni in dawo daga ruwa in tarar da gida kamar an yi rasuwa, in rasa dalili in hau faɗa." Ya ce ta huta tukuna.

Wato daga ni zuwa Safiya, daga Safiya zuwa uwarta, har cikin kwale-kwalen mutumin da bai taɓa shiga ajina ba. Kowa kuma na neman dalilin cikin gidansa.

Talatin cif.

Lahadi, 7 ga Nuwamba

Mun yi addu'a mu biyu, ba mu je majami'a Maraɗi ba. Bayan mun shafa na ce wa Elisha, "Malam, ka daina lallaɓawa. Tsoro kake ba ni." Ya buɗe baki yana kallona. Ya ce, "Ni kuwa ke ce ke ba ni tsoro." Ashe in ya fita daga gida sai ya kai wajen kilomita biyu bisa keke kafin ƙirjinsa ya saki, kuma yana jin kunyar wannan sakin.

Ya yi kuka. Tun Agusta ban ga hawayensa ba. Nawa suka biyo, ban kira su ba.

Litinin, 8 ga Nuwamba

An hana Hausa cikin lakwal, ni ce ma mai hukunta wanda ya yi. Yau na rufe ƙofa na zauna bisa tebur, na bar fuskata yadda take. Na ja numfashi har ƙasa sau uku kafin in yi magana. Na ce musu da Hausa, "Da damina na haihu, yaron bai zo da rai ba. Shi ya sa nake baƙin ciki. Ba ku yi laifi ba. Nauyin da kuke ji nawa ne, ba naku ba. Ba dole ku ɗauka ba."

Shiru, amma wani iri dabam. Sai wani daga baya ya saki ajiyar zuciya, ta bi layi-layi. Kafaɗu suka sauka. Hauwa, babbar cikinsu, ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Madam." Duk suka amsa amin. Wani ya ce su ma ƙanwarsu ta rasu bara. Sannan muka yi lissafi, an yi surutu, ban hana ba.

Mushe Audu ya ji komai ta taga. Ya ɗaga mini hula.

Alhamis, 11 ga Nuwamba

Na je gidan Shu'aibu. Na tsaya ƙofa sai da na ji jikina ya kwanta kafin in yi sallama. Uwar Safiya ta riga ta ji labarin wajen rijiya. Ta shimfiɗa tabarma, ta kama hannuna, muka zauna muna ɓarar gyaɗa. Safiya na leƙowa daga bayan rumbu tana karanta fuskata. Na bar ta ta karanta.

Laraba, 17 ga Nuwamba

Safiya ta dawo, da wasu huɗu. Ba kullum ke da sauƙi ba. Jiya na tashi da nauyi, na ce musu, "Yau Madam ba ta da daɗi." Suka ce to, suka ci gaba da hayaniyarsu. In an ba abin suna, ba ya kama su sosai.

Asabar, 27 ga Nuwamba

Ba wani labari. Shamuwa duk sun tafi. Na wanke kaya, na shanya.

Elisha ya shigo da keke yana fito da baki, wata waƙar 'yan mata ta gaɗa. Na ce ina ya samo wannan, babba da shi. Ya ce, "Wajenki. Da asuba, kafin ki tafi lakwal, ita kike yi kina wanki."

Ban yarda ba. Wataƙila yaran ne suke yin ta lokacin shan iska.

Na dai sa albasa da yawa cikin miya, kuma na ƙara tuwo sau biyu.