Karkataccen layin da ka bari a jikin kawo

Zuwa ga maigidana, Baba Sule kafinta.

Assalamu alaikum. Na sani ba za ka karanta wannan ba, Baba. Ko da ranka ma ba ka son takarda, ka fi son a nuna maka da hannu. Amma akwai tambayar da ta hana ni sukuni, kuma ban da wanda zan yi wa sai kai.

Garinmu Mafara lafiya lau. Rumfar tana nan, ni ke buɗe ta. Inna Kulu ce dai ba daɗi. Bayan rasuwarka gwiwarta ta ƙara tsananta, ɗanku Bello ya sayo mata sanda a kasuwar Maradun, mai sheƙi, an sha mata fenti. Tana dogara ta a bakin rijiya, sandar ta karye, Inna ta faɗi. Ita ba ta samu karaya ba, amma tsoro ya shige ta. Matar da ke zagaye unguwa da gaisuwa ta koma zaman tabarma, ta rantse ba ta ƙara yarda da itace.

Na ɗauko guntayen na duba. Karayar a karkace take, sumul, kamar an yanka ta da wuƙa. Nan take na tuna ranar da na fara zuwa wurinka, na ɗauki zarto da rawar jiki, ka buge mini hannu. Ka ce zarto ba ya tambaya, duk inda aka sa shi ci yake yi, don haka ni ne zan tambayi katako. Ka shafa masa ruwa jijiyoyinsa suka fito. Ka nuna mini cewa ƙarfinsa yana bin tsawon jijiya ne, in ta fice ta gefe, nan zai rabe. Ka ce in duba fuska, in duba gefe, don wani katakon a fuska kawai yake da gaskiya. Ka sa na shafi bayan akuyarka gaba da baya, don in gane dalilin da gizago ke tafiya sumul ta nan, ya yi ta tsaga ta can. Wata nawa na yi ina kallon katako kafin ka bar ni in yanka? Wallahi na ji haushinka a lokacin.

To, ka tuna katakon kawon da ke jingine bayan teburinka? Wanda ka ja wa layi biyu da gawayi, a karkace, daga wannan kusurwa zuwa kusan waccan? Kowa ya gani sai ya girgiza kai, a ce idon tsoho ya tafi. Ni ban ce ba, amma ban musa ba. Bello ya ce in kai shi inji a tsaga shi a miƙe, a fitar wa Inna wata sandar.

Har na ɗora shi a kafaɗa, sai na ajiye. Me zai sa mutumin da bai taɓa ɓarnar ko tafin hannu na katako ba ya ja irin wannan layi? Na jiƙa shi. Na ɗiga tawada kamar yadda ka koya mini, ta bazu ta yi tsawo, ba ta bi gefen katakon ba, ta bi gawayinka. Na ja tsinin ƙusa a sake, ita ma can ta nufa. Na faskara guntu daga ƙarshe, ya rabe daidai da layinka. Ashe tun a wurin masu inji aka tsaga shi a karkace! Da na bi gefensa, da na yi wa Inna irin sandar da ta kayar da ita. Har idon reshen nan da ke tsakiya ka kauce masa.

Ga tambayata, Baba. A lokacin ba ka gane fuskata sai na yi magana. Da me ka gani? Da farce? Shi ya sa nake iske ka zaune da shi a cinya kana shafawa? Me ya sa ban tambaye ka ba?

Na bi layinka, na bar farin gefen, na ɗauki jan ciki. Ban ƙara tsawo ba, ban rage ba, na tsaya inda gawayinka ya tsaya, ko da yake na ga sandar ta yi gajarta. Na ɗora ta kan duwatsu biyu na taka tsakiya a gaban Inna. Ta ɗan lanƙwasa, ta dawo.

Na gaya mata kai ka zana, ni na yanka kawai. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta kama ni ta miƙe, ta dafa kan sandar. Baba, daidai wuyan hannunta ta tsaya. Ba ta yi gajarta ba, tata ce. Yaushe ka auna ta? Ita ma ta ce ba ta sani ba, tana dariya tana hawaye, tana cewa kai dama ba ka faɗin abin da kake yi.

Jiya da hantsi ta taka har gidan ƙanwarta. Ina binta a baya, ta juyo ta kore ni, wai in koma rumfa in yi aiki.

Na gode, Baba. Ban taɓa faɗa maka ba. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka.

Yaronka da ka buge wa hannu,
Lawali