Maganganun da Muka Tara Maka

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ba ka ƙarfin jiki, ya haɗa ka da mutanen kirki a can ƙasar wajen da kake aiki. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a kan shara.

Auta, kullum ina ganin kalaman jarumta da kake kwafowa kana ɗorawa a wayarka, masu hoton zaki da dutse, wai namiji ba ya waiwaye. Kowa yana yabawa, amma ni da na goya ka ban ruɗu ba. Na lura ranar da ka ɗora mai zafi, ranar ce ba ka ɗaukar kiranmu. Abokin ɗakinka mai walda ya gaya wa mijina cewa in motar kamfani ta dawo da ku daga wurin gini, sai ka haye gadonka na sama da kwanon abincinka, ka juya wa mutane baya. Wannan labari ya sa ni kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Shi ya sa na bi mutanen gida na ce kowa ya ba ni tasa maganar, tunda ta baƙi ba ta yi maka magani ba. Kawu direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a hanya, ya ce jarumta ita ce ka sauko da kwanonka ƙasa ka ci da mutane, ko da ba ka jin yarensu, domin kowa a ɗakin nan akwai wanda ya baro. Matarka ta ce in gaya maka kewa ba gazawa ba ce, ita ma tana yi, kuma ba ta fasa tashi da safe ba. Ƴarka kuwa ta ce jarumi shi ne wanda aka yi wa allura ya yi kuka amma bai gudu ba. Ka ga ta fi zakinka hankali.

Inna ce ta ƙarshe. Ta ce ta san kana gudun kada muryarka ta karye ta ji ne. Ta ce ranar hutunka za ta kira, ka ɗauka ko ba za ka iya magana ba, ka yi shiru kawai, ita za ta yi surutun. Numfashinka ya ishe ta.

Kawu da matarka da ƴarka suna gaishe ka, mijina ma haka. Ka gaishe mana da mai walda, Allah ya saka masa. Ka ɗauki wayar nan, Auta.

Taka yayarka,
Yaya Babba