Ƙaramin Murmushin da Na Aiko Maka

Zuwa ga Muttaƙa, sanyin idona, ruwan fari a gonar geron Bazaga, inuwata a tsakar ranar kasuwar Konni,

Bari in faɗa maka abin da ko matashin kaina bai taɓa ji ba. Tun ranar da ruwa ya tsare mu a ƙofar lakwal, makarantarmu, ka lulluɓe littafin lissafina da rigarka, kai kana jiƙewa kana dariya, nake sonka. Ga shi na rubuta, kuma ban mutu ba!

Daga baya ka ari littafin, ka manta shi a Dogarawa wajen kakarka, ka aiko saƙon ban haƙuri. Wayar Inna ce a hannuna, to mi zan aiko? Jar zuciya, Inna ta gani? Fuska mai jan kumatu, ta tona ni? Sai na zaɓi wadda ta fi kunya, na rubuta "Ba komai 🙂". Ita Baba yake aiko mana duk sa'ad da motarsa ta isa Illela lafiya, ni kuwa alheri kawai na sani a cikinta.

Kwana tara ke nan kana canza hanya in ka hango ni. Kwana tara, ya hasken safiyata!

Jiya na nuna saƙon ga Samira, ɗiyar gwaggona, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce in dubi fuskar da kyau: baki ya ɗan lanƙwasa, amma idanu ɗigo biyu ne a buɗe, sun kafe mutum, ba su motsa ba. Murmushin gaske yana hawa har ido, ya ƙanƙance shi, ya ɗaga kumatu. Wannan kuwa irin wanda gwaggo take yi ne gaban baƙi in an fasa mata kwano, tana jiran su tafi. Su Baba da zuciya ɗaya suke aikawa, amma mu yaran yanzu, in ta biyo bayan gajeriyar magana, "na ji haushi, ladabi ya hana ni faɗa" muke karantawa. Saƙo ba ya da murya, sai mai karatu ya saka tasa, kai kuma mai jin ya yi laifi ne.

Ka san mi na yi? Rawa na taka a ɗaki! Wa ke ɓuya kwana tara saboda fushin wadda bai damu da ita ba? Ashe ba ni kaɗai nake ciwon ba, ya zumata!

Wallahi ban taɓa fushi da kai ba. Ka manta littafin har damina ta zagayo, ni dai ka dawo hanyarka.

A littattafan da nake karantawa, ƙawa ake ba wasiƙa ta kai. Samira ta ce za ta kai maka, na ƙi. Gobe a ƙofar lakwal da hannuna zan miƙa maka. Kafin ka buɗe, ka dubi idona.

Taka yau, gobe, har furfura,
Ummul-Khairi