Baitin Ajin Zana

Gaya, ran Lahadi

Zuwa ga Yaya Nuriya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ina gajiyar Yamai? Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Yaya, kin tuna malaminmu Hama, wanda muke kira Mushe Hama irin na Faransanci, da ya koya mana karatu, ni da ke? Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Da yake ni ke riƙe da ƙungiyar waƙa ta 'yan makaranta a lakwal ɗinmu, direkta ya ce in shirya waƙar ban kwana.

Ban rubuta ni kaɗai ba. Na tara yaran, kowa ya faɗi abin da yake tunawa da shi, ni kuma na yi ta datsa maganarsu har ta hau kari. Amshi muka fara yi, don shi ne kowa zai riƙe:

Mushe Hama, sauka lafiya,
Ka bar mu da haske kan hanya.

Daga nan kowane baiti dole ya ƙare da “ya”. Muna tafa hannu muna ƙirga gaɓoɓi, kalmar da ta yi tsawo mu sake ta. Wata yarinya, Zuhura, ke bayarwa don muryarta na fita, saura su amsa. Baitin da ya fi daɗi daga bakinsu ya fito, kan ranar da ruwan sama ya so ya wanke musu allon aji:

Ajinmu na zana ya yi yoyo,
Ruwa ya jiƙa mu har wuya,
Ka tuɓe riga ka rufe tablo,
Ka ce sai mun zauna mun koya.

Direkta ya ji mu muna gwaji, ya kira ni ofis. Wai manyan baƙi za su zo, maganar ajin zana tonon asiri ce. Ya ba ni nasa layin na godiya ga shugabanni masu hangen nesa, ya ce in sa a wurin. Na gwada don kada a ce na ƙi tun farko. Layin bai ƙare da “ya” ba, kuma numfashin Zuhura kan yanke kafin ta kai ƙarshe. Amma ko da ya hau kari, Yaya, ba zan sa shi ba. Ajin nan yana nan tsaye, yaran suna cikinsa har yau. Na koma na gaya masa ko a rera waƙar yadda take, ko ya nemi wani ya tsaya gaban yaran.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zalika


Gaya, ran Asabar

Yaya Nuriya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonki. Na san tsoro kike ji mini, amma ban bi shawararki ta in cire baitin ba.

Kafin bikin, Mushe Hama da kansa ya zo gida, ya zauna kan tabarmar Inna. Labari ya kai masa. Ya roƙe ni in cire baitin, wai shi tafiya zai yi, ni ce zan zauna da direkta. Kunya ta kama ni, don ban taɓa musa masa ba. Na ce masa: “Mushe, waƙar taka ce, amma maganar ta yara ce. Ba zan ce musu abin da suka gani bai faru ba.” Sai ya juya ya tambayi Inna ƙafarta.

Direkta bai sami wanda zai karɓi yaran ba, shi ya sa jiya a wurin bikin ni na tsaya gabansu. Na jera ƙanana gaba, masu kaurin murya baya, mai ganga a gefe, na ba su sautin farawa. Da muka zo baitin, ganga ta yi shiru kamar yadda muka shirya, don kowace kalma ta fita. Muryar Zuhura ta ɗan yi rawa, na ɗaga mata hannu, ta miƙe. Iyaye mata da ke baya suka kama amshi, har waɗanda yaren Dandanci kawai suke ji, ba Hausa ba. Mushe Hama ya sunkuyar da kai, hularsa a hannu. Da aka ba shi magana bai yi dogon jawabi ba, ya roƙi a maimaita masa baitin nan. Muka maimaita a gaban baƙin.

Yau da safe direkta ya karɓe ƙungiyar daga hannuna. Ana raɗe-raɗin za a tura ni ƙauyen Karakara in an dawo daga hutu. Inna ta yi kuka, ni ma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma kada ki je roƙon kowa saboda ni. Karakara ma akwai yara, kuma suna da baki.

Ki shafa mini kan yara, su Adamu. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Zalika