Kilo Talatin a Katin Musbahu

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

An kawo mana ɗalibar nas. Zulfa, 'yar Gafasa, farin kayanta sai ƙyalli yake. Matiron ta ce, "Hansai, taki ce." Kullum tawa ce. Ɗakin yara maƙil, zazzaɓi da tari, wasu biyu-biyu a gado. Ƙafafuna sun kumbura. Na gaji, wallahi na gaji.

Laraba, 4 ga Satumba

Yarinyar nan hannunta na da sauri, bakinta kuwa kamar an ɗinke. Duk abin da aka rubuta a kati sai ta zuƙa a sirinji, ba tambaya. Na ce me ya sa ake ba wa wannan yaron rabin kwalba? Ta ce, "Haka likita ya rubuta, Anti." To.

Alhamis, 5 ga Satumba

Bayan azahar na zaunar da ita a bencin baranda na ba ta labarin Adawiyya. Kowace ɗaliba sai na ba ta, har ya zame mini kamar karatun allo, baki na yi zuciya na wani wuri. Yau dai zan rubuta shi, ko don kar wata rana in rage shi.

Adawiyya sabuwar nas ce lokacin, ko shekara ba ta yi da mu ba. Damina irin wannan aka kawo wani yaro daga Toranke, Musbahu, bai fara tafiya ba, haƙarƙarinsa na faɗawa in ya ja numfashi. Nimoniya, ciwon huhu. Uwar na da tsohon ciki, don haka yayarsa Hussaina ce ke goye da shi, ita ma yarinya. Sikelin jarirai ya lalace, sai muka koma dabararmu: mai goyo ta hau babban sikeli da yaron, a rubuta, ta sauke shi ta sake hawa ita kaɗai, a debe. Mai awo ya rubuta kilo talatin, kafin ya sa ta sake hawa aka kira shi wajen wata mai jijjiga. Katin ya wuce a haka. Gurbin shekaru kuma fayau, uwar ta ce ita dai da kakar gero ta haife shi.

Likita ɗaya ne ranar. Ya duba yaran a jere, ya koma tebur da tulin katuna yana lissafi. Allurar jentamaisin, miligiram bakwai da rabi kan kowane kilo, sau ɗaya a rana. Sau talatin, ya ba shi ɗari biyu da ashirin da biyar. Lissafinsa daidai ne, nauyin ne ƙarya.

Na nuna wa Zulfa 'yar kwalbar: miligiram tamanin cikin mil biyu, wato arba'in a kowane mil. Abin da aka rubuta ya kai mil biyar da rabi da ɗoriya, kusan kwalba uku. Adawiyya ta fasa su ta zuƙe, ta zo gado. Ta tambayi sunan yaro, daidai. Magani daidai, lokaci daidai, ta jijiya, daidai. Ta kama hannunsa za ta haɗa sirinji da kanula, 'yar robar da aka sa masa a jijiya, sai ta ga duk damtsen bai cika mata tafi ba. Daga baya ta ce mini, "Anti, ban taɓa fasa kwalba uku don mai shan nono ba, shi ne hannuna ya ƙi."

Ta rufe sirinjin ta ajiye a tire. Ba ta rage maganin da kanta ba, wannan ba hurumin nas ba ne. Ta sa Hussaina ta hau sikeli da goyo, talatin. Ita kaɗai, ashirin da biyu. Yaro kilo takwas ke nan, rabonsa miligiram sittin, mil ɗaya da rabi. Saura ƙiris a ɗura masa kusan ninki huɗu, kuma ba rana ɗaya aka rubuta ba. Maganin nan in ya yi yawa ƙoda yake ci, ya kashe ji, jin kuma in ya tafi ba ya dawowa.

Ta je ta tsaya a kan likita, layi har ƙofa. Ya ce ta jira. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ya jira." Ya duba, ya soke ya sake rubutawa ya sa hannu. Aka zubar da na farko, aka zuƙi sabo, aka rubuta rahoto.

Zulfa ta ce, "Bai yi mata faɗa ba?" Na ce ya haɗe rai kwana biyu, ya sake. Tambayarta ta farko ke nan tun zuwanta.

Lahadi, 8 ga Satumba

Hutu. Wanki, barci. Maigidana Baffa ya sake cewa in nemi canji zuwa ɗakin kati in huta. Ina tunani.

Talata, 10 ga Satumba

Na jawo wa kaina. Yanzu kowane kati sai ta lissafa a bayan hannunta da biro, ta leƙa fuskar yaro, ta ce wa ya auna shi. Zagayen allurar safe ya kai mu har hantsi ya dushe.

Laraba, 11 ga Satumba

Yau ta tare ni, sirinji na hannuna. Wai yaron gado na huɗu bai yi mata kama da kilo goma sha huɗu ba. Ga uwaye sun zuba ido, ga wani na amai a bayana. Muka sake awo. Sha huɗu cif, ƙashi ne da shi. Na ce, a gaban kowa, "Ke ba Adawiyya ba ce, ki daina ɓata mana lokaci."

Ta ce, "Yi haƙuri, Anti."

Ai gaskiya na faɗa, lokaci ya ɓaci. Ban iya cin tuwon dare ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Ta koma yadda ta zo. Sauri, tsabta, shiru. Mun gama zagaye da wuri, matiron har ta yaba. Na ga ta ɗauki wani kati, ta ɗan tsaya, ta kalle ni, sannan ta zuƙa. Bayan ta wuce na bi na duba, daidai ne. Amma ba don ta tabbatar ta zuƙa ba, tsorona ta ji. Abin nan ya dame ni.

Litinin, 16 ga Satumba

Matar Toranke, uwar Musbahu, ta kawo ƙaramarta, tari. Ban gane ta ba sai da ta ce ina Sista Adawiyya. Na ce ta koma Ajingi da aiki. Musbahu na tare da ita, ya zama ɗan firamare, yana can ƙarshen baranda yana tsokanar akuyar mai gadi.

Na kira Zulfa. Na ce ga yaron can, kira sunansa, amma a hankali. Ta dube ni kamar na zautu. Ta ce "Musbahu", da muryar nan tata da ko ni da ke gefenta da ƙyar na ji. Ya waiwayo ya ce, "Na'am?"

Jinsa garau. Ni kuwa na shige ciki, wai ina neman auduga.

Talata, 17 ga Satumba

Na ce wa Baffa maganar ɗakin kati a bari sai bayan damina.

Da safe na miƙa wa Zulfa katin gado na biyu na ce idona ba ya gani sosai yau, ta lissafa mini kafin in zuƙa. Idona lafiya lau. Ta lissafa, ta je ta kalli yarinyar, ta dawo tana murza biro.

"Anti, wa ya auna ta?"

Na ce ban sani ba, ɗauko ta mu je sikeli. Layi ya jira mu.