Teburin da Ke Kusa da Taga

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, kuma mai jego da jaririya suna samun ƙarfi. Ya ƙafar taki? Kada ki ce mini da sauƙi alhali kina hawa bene da ita.

Na iso lafiya. Na san kina can kina tunanin ko na ɓata a tasha. Ban ɓata ba, amma na wuce inda zan sauka, don na kasa ɗaga murya in ce wa direba ya tsaya, sai da wata mata ta ce za ta sauka na bi bayanta, na dawo a ƙasa da jakata. Ki yi dariyarki, na yafe.

Masaukin yana nan yadda muka bar shi muna yara, sai dai ya ƙanƙance, ko kuma ni ne na girma. Matakalar katakon nan da Baba yake hana mu gudu a kanta har yanzu tana kuka. Tafkin yana nan, jirgin fito yana nan, an dai sake masa fenti. Da na buɗe tagar ɗakina warin ruwa da ciyawa ya shigo, sai na ji kamar Mama za ta ƙwala mana kira mu zo a shafa mana mai.

A wurin karɓar baƙi ne na fara gane girman abin da kika yi mini shekara da shekaru. Matar da ke wurin ta tambaye ni ko ɗakin sama nake so ko na ƙasa, sai na waiwaya gefena ina jiran ki amsa. Mutum mai furfura a gemu, wai yana jiran yayarsa. A wurin aiki ba na jin haka, tunda daga ni sai kwalaben ruwan da nake aunawa, su kuwa ba sa tambaya.

Cin abinci shi ne babban aiki. Ɗakin cin abincin ɗaya ne, kuma da na leƙa a ranar farko na ga iyalai sun cika shi, sai na koma ɗaki na ci biskit ɗin da kika cusa mini a jaka. Washegari na yi dabara, na sauko da wuri kafin kowa, na tsara abin da zan ce tun daga bene: shayi, burodi, ƙwai. Na samu ƙaramin tebur kusa da taga na zauna ina fuskantar ruwa. Ban kai ga rabin kofi ba sai ga mai masaukin ta kawo mini wani dattijo mai sanda da 'yarsa, wai wuri ya yi kaɗan, in yi haƙuri mu zauna tare. Na ce ba komai, na janye kofina gefe.

'Yar ce ta yi duk maganar. Ta ce mahaifinta tsohon hedimasta ne, bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙafa da hannu sun ɗan dawo amma magana ta ƙi. Shi dai yana kallon ruwa. Zan iya jure su, ina jin, tunda ba a bukatar in ce komai.

Ki gaida kowa. Ki sha maganinki.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonki a waya cewa in na gaji in koma gida ba laifi. Ban gaji ba. Akwai labari.

Tebur ɗin nan ya zama namu, ni da Hedimasta da 'yarsa. Tana son mahaifinta, wannan ba a tambaya. Ita ke yanka masa burodi, ita ke ɗaura masa takalmi. Amma da ya buɗe baki ya fara laluben kalma, kafin ya kai gare ta ta riga ta ƙarasa masa. Sai ya rufe baki ya gyaɗa kai, ko daidai ne ko ba daidai ba. Na san wannan gyaɗa kan, Yaya. Kada ki ji haushi, amma na san shi sosai. Kin tuna ranar da Baba ya kai mu sayen takalmi, kika ce mai ruwan ƙasa nake so? Baƙi nake so. Na sa mai ruwan ƙasan har ya yage.

Da hantsi 'yar tana shiga ɗaki ta yi aikin ofis a waya, sai ta bar shi a benci bakin ruwa. Ni ma can nake zama. Kwanakin farko ba wanda ya ce uffan, kuma ban taɓa jin daɗin zama da mutum haka ba. Rannan sai ya nuna wani tsuntsu ya fara ƙoƙari. Leɓensa yana rawa, ya ce "jirgi", ya girgiza kai don ya san ba ita ba ce, ya sake. Ni kuwa ba ladabi ne ya sa na yi shiru ba, ban san abin da zan ce ba ne kawai. Can sai kalmar ta fito, "balbela". Ya dube ni, ya yi dariya da rabin fuskarsa mai motsi, ya buga mini gwiwa.

Daga nan na fara koyon yadda ake hira da shi. Hankalinsa garau yake, yana jin komai, kalmar ce take maƙalewa a hanya. Da safe ya fi samun ta, da yamma in ya gaji sai ta gudu. In aka zuba masa ido ko aka yi masa tambaya mai tsawo sai ya rikice. Gara a tambaye shi abu ɗaya, wanda zai amsa da i ko a'a, kuma a kalli hannunsa, don wani lokaci bakinsa yana cewa i hannunsa yana cewa a'a, kuma hannun ne mai gaskiya. Akwai kuma kalmomin da suke fitowa su maye gurbin wasu. "Gida" ce babbarsu.

Kalmar nan ce ta kusa kawo matsala. Kullum da yamma yana ce wa 'yarsa "gida, gida" yana nuna waje. Ta ɗauka ya gaji da hutun, har ta fara haɗa kaya, ta gaya mini a tebur cewa jibi za su tafi, muryarta a sanyaye don ta sha wahala kafin ta samu hutun nan. Na kalli hannunsa a kan tebur, yana kaɗawa a'a.

Washegari a benci na bi shi a hankali. Garinku kake so ka koma? A'a. Ɗaki? A'a. Ya ɗaga sanda ya nuna jirgin fito, ya bi shi da ita har ɗaya gaɓar. Can kake son zuwa? Sai ya kama hannuna ya matse.

Sauran aikin nawa ne, kuma kin san wane ne ƙaninki. Na je ƙofar ɗakinta na dawo. Na sake zuwa na tsaya ina gumi, na tsara magana ta watse. Da ta buɗe, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba gida yake nufi ba." Ta haɗe rai, ta ce, "Malam, mahaifina ne fa. Kwana nawa ka san shi?" Da a da ne, da na ba da haƙuri na juya. Ƙafafuna ma sun so hakan. Amma na ce, "Ki tambaye shi, sannan ki jira. Ki daɗe kina jira."

Ta tambaye shi a gabana. Sau biyu na ga ta buɗe baki za ta taimaka masa, ta danne. Shi kuma ya yi ta fama har gumi ya tsattsafo masa a goshi, sannan ya ce "makaranta". Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Ashe a ƙetaren ne aka fara tura shi koyarwa, can ya zauna da mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, a ɗaki ɗaya, kafin a haife ta. Ta san wannan, shi ya sa ma ta kawo shi tafkin, amma ta ɗauka ganin wurin daga nesa ya ishe shi, ga kuma tsoron hawa jirgi da ƙafarsa.

Gobe za mu haye. Ni zan riƙe ɓangaren da ba shi da ƙarfi.

Naki,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an ce jaririya ta fara murmushi, Allah ya raya ta. Na dawo gida, na koma aiki, kwalabena suna gaishe ki.

Ban ba ki ƙarshen labarin ba. Mun haye da safe, lokacin da ruwa yake kwance. Masu jirgin suka sa mana katako mai faɗi, ni ina riƙe da shi ta gefen dama, 'yarsa tana gaba tana tafiya da baya. Na zauna a bencin da muke rigima a kansa ni da ke, wanda ke kusa da inji, har na ji ɗumin nan a tafin ƙafa. Na yi kewar Baba a wurin fiye da yadda na yi a shekarun nan duka.

Makarantar ta tashi, an mai da ajujuwan wurin ajiye buhuna. Ɗakin da suka zauna babu rufi. Na ji tsoro ransa zai ɓaci, amma ya zagaya ya taɓa bango, ya nuna wa 'yarsa inda gado yake da inda mahaifiyarta take girki. A tsakar filin kuma ya tsaya ya gyara tsayuwa, ya rera waƙar da yara suke yi kafin shiga aji, daga farko har ƙarshe, ba kalmar da ta maƙale. Daga baya 'yarsa ta ce likita ya taɓa gaya mata masu irin ciwonsa sukan iya waƙa ko da magana ta gagara, amma ba ta taɓa ji ba sai ranar. Ta sa ya maimaita. Ni ma na kama amshin, ni da ko a biki ba a taɓa jin muryata ba.

Sun ƙarasa hutunsu, kuma mun tafi rana ɗaya. A tasha ta ba ni haƙuri kan maganar da ta yi mini, na rasa inda zan sa kaina. Shi kuwa ya riƙe hannuna har aka fara kiran fasinja.

Yanzu yana kirana a waya da safe kafin in fita. Wani lokaci kalma biyar muke yi, wani lokaci ina ba shi labarin wurin aiki yana dariya. Ashe ina da labari. Kuma kada ki ɗauka wasiƙata ta baya ƙorafi ce. Da ba ki yi ta magana a madadina ba, da ban san yadda zan yi da yarinta ba.

Sun gayyace ni in je musu ƙarshen wata in kwana biyu, na kuma amsa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini, kuma ke kaɗai zan iya tambaya ba tare da kunya ba. Na zagaya kasuwa jiya na dawo hannu wofi. Yaya, me ake kai wa aboki in za a je gidansa? Ban taɓa zuwa gidan aboki ba.

Ki amsa da wuri. Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Auta