Ƙwaryar Sallah Da Ta Zo Ba Suna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga saman ganuwar Tambuwal, wajen ƙofar yamma, zuwa garin Kebbe, zuwa ga Mardiya, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan randa ga wanda ya wuni a rana, farin watan da nika dubawa in ji zuciyata ta kwanta. Gaisuwa mai yawa, da barka da Sallah, da fatan Allah Ya maimaita mana.

Ki san wanda ke rubuto miki, ya ke fitilar ɗakina. Ni ne wanda ya tashi a Fakku ba uwa ba uba, ba kawu mai cewa zo ka ci. Na yi dakon gishiri a kaina har gashin tsakar kaina ya ƙare. Na sare daji da gatarin aro na mai da shi gona, na gina ɗaki da rumbu da hannuna, na sassaƙa bakana da kaina, na koyi harbi a kan kututturen giginya babu mai gyara mini tsayuwa. Sai da gemu ya fito mini na durƙusa gaban malami na koyi baƙi da wasali, yara na yi mini dariya. Karatuna bai yi nisa ba, amma ga shi ya isa in rubuto miki ba tare da wani ya ji sirrina ba. Da na zo neman aurenki ban tura kowa gaba ba, audugar gonata ta yi mini magana. Wa ya taimake ni in ba Allah ba? A nuna mini shi in gode masa!

Gaisuwarki ta iso, ya ke zumar farkon kaka. Bari in gaya miki yadda ta iso, don ta kusa wuce ni.

Kin san ranar Idi mazan gari duka suna fita bayan ganuwa cikin fararen riguna, babu mai ɗauke da makami. Mayaƙan Argungu ma sun san haka, shi ya sa ba su da ranar da suka fi so. Don haka Sarkin Baka shika ware mu, mu 'yan baka, tun jajibiri. Aka gyara ƙayar da ke cikin gwalalo, ramin da ya kewaye ganuwa, aka sabunta dafin kibau, aka rataye kugen gargaɗi kusa da kowane mai tsaro. Da gari ya waye jama'a suka fita ta ƙofar gabas, mu muka ja ƙyauren yamma muka danna sakata. Kabbarar masu Idi tana zuwa mana a kan iska, muna amsawa daga sama, kwari a kafaɗa, ido a yamma. Liman na cikin huɗuba sai na ga balbelu sun tashi gaba ɗaya daga fadama, alhali babu shanu a wurin. Na buga kuge, muka miƙe tsaye duka a kan ganuwa don a gan mu. Mahaya ne cikin kurmi. Suka tsaya, suka dube mu, suka juya linzami. Ko kibiya ɗaya ba a saki ba. Masu Idi suka dawo suna gaisawa, ba wanda ya san abin da ya wuce ta bayansa, mu kuma kowa ya sauka bi da bi ya yi raka'a biyu shi kaɗai. Sallarmu ke nan.

Kashegari da hantsi jakan gaisuwa suka fara isowa daga ƙauyuka. Ga yadda ake yi: ba a buɗe ƙofa sai ɗan abin da jaki ɗaya zai shiga. Mai kawowa ya sauke ƙwarya, ya faɗi sunan mai ita da ƙarfi, mai ita ya amsa daga sama ya ce ya san gidan da ta fito. Sarkin Ƙofa ya ɗaga faifai, mai kawowa ya ɗanɗana a gaban kowa, saboda an taɓa aiko wa masu tsaro da ajali cikin fura. Ƙwaryar da ba a amsa ba kuwa, ta zama ta jama'a, a rabe ta loma-loma. Ina tsaye ina ji ana kira, Abdu ɗan wane, wane jikan wane, kowa na saukowa da murmushi har kunne. Sai ga tsoho Ɗan'iya mai jakan Kebbe ya ɗaga wata ƙwarya ya buɗe baki ya ce, ina surukin Malam Mahmuda?

Mardiya! Da mashi aka soka mini da ya fi mini sauƙi. Surukin Malam Mahmuda, wai da sunan babanki za a neme ni! Ni da na tsare wagga ƙofa tun kaka, ni da na ga balbelu jiya, a kira ni da sunan wani kamar akuyar da aka ba kiwo? Na kau da kai. Ya sake kira, na dubi yamma. Abdu da ke gefena ya zungure ni, wai kai Namadi, ko kunnen naka ma ya tafi Idi? Na ce masa ban ji an kira kowa a nan ba. Yawuna na tsinkewa, ƙamshin man shanu na hawowa har inda nika tsaye, amma wallahi na gwammace in wuni da yunwa.

Sarkin Ƙofa ya ce to, ta zama ta kowa. Ya ɗaga faifai, ya tsaya, ya tuntsire da dariya. Ya ce jama'a, wanga nama an dake shi lilis, babu ƙashi, babu jijiya, ko dai na tsohuwa ne mai dasashi, ko na mutumin da dokin Kabawan Argungu ya fasa wa muƙamuƙi bara. Ganuwa duka ta ɗauki dariya. Ni kuwa nan take na gane aikin hannunki ne. Wa ya san har yau ba ni iya tauna nama a gefen hagu in ba ke ba? Wa zai zauna ranar Sallah, mata na lalle suna yawon gaisuwa, ita tana durƙushe gaban turmi tana tsince ƙashi ɗaya-ɗaya daga naman ragon da na bari a yanka mini? Kuma kika dunƙula shi ƙanana, yadda zan ɗauka da hannu ɗaya ban ajiye baka ba. Na sauko da gudu kamar yaro na rungume ƙwaryata. Na ci ina juya wa mutane baya, don kada su ga idona.

Na ja Ɗan'iya gefe na tambaye shi mi ya hana shi kiran sunana. Ya ce shi bai san ni ba sai a fuska, kuma da ya tambaye ki ta wa ce, kin rufe fuska da gyale kin ce ta mai gida ce. Ya ce wane mai gidan, kin ce shi dai. Ya yi, ya yi, kin ƙi. Sai babanki ya leƙo daga zaure ya ce a ce surukinsa. Na gane, ya ke kurciyar gidana. Kunya ce irin ta matan kirki, wadda ba ta barin mace ta kama sunan mijinta. Ina tuna safiyar da zan taho, kina shafa wa tsirkiyar bakana man shanu a bakin ɗaki, rana na fitowa ta bayan rumbu tana haska gefen fuskarki, na ce ki kira ni sau ɗaya in tafi da shi a kunnena. Kika yi dariya kika ce, kai dai, tafi. Na tafi da wannan kai dai ɗin, shina ɗumama ni har yau. Ban taɓa jin haushin kunyarki ba, ita ce adonki da ya fi murjani.

Amma Ɗan'iya ya kawo wani saƙon, na baka, daga babanki. Wai Sallah biyu sun wuce ɗiyarsa na zaune kamar wadda mijinta ya mutu. Wai in ajiye baka in komo Kebbe ya yanka mini gona cikin tasa, in kuwa na ƙi, bayan Sallah zai kai maganar gaban alƙali a raba auren saboda nisan miji.

Ki gaya masa da ladabi, don ubanki ne kuma ina girmama furfurarsa: ba ni saukowa. Ban karɓi gonar kowa ba ina yaro tsirara, ba zan fara da gemu ba. Wanda ya bar ganuwa ba da sallama ba, sunansa magujin yaƙi har jikokinsa, kuma ba zan sa ki zama matar wannan mutum ba. Hanyar da mahayan jiya suka so bi, ina ta nufa in ta wuce Tambuwal? Ba Dogon Daji ba? Ba Kebbe ba? Malam ya yi Idinsa lafiya, ya yanka ragonsa lafiya, ya zauna a buzunsa shina lissafin laifina lafiya. Alhamdu lillahi, haka nika so. In ruwan farko ya sauka, fadama ta cika, dawakin Argungu suka kasa ƙetarewa, Sarkin Baka zai sallame mu, in taho da ƙafata, kaina a sama.

Alƙali kuwa ba zai tambayi babanki ba, ke zai tambaya. Rumbuna cike na bar shi, tufafinki na ɗinka kafin in taho, ba ta nan za a kama ni ba. Abin da ya rage shi ne a ce miki, ɗiyar Malam, zaman jiran nan ya cuce ki? Kina son a sauwaƙe miki? Aurenmu duka shina rataye ga abin da zai fito daga bakinki a wannan zaure. Kuma abin da nika tsoro, ni da ban ji tsoron mashi ba, shi ne ki rufe fuska ki yi shiru, babanki ya sake amsawa a madadinki. Shirun da ya kusa raba ni da ƙwarya, kada ya raba ni da ke!

In kin gaji da ni, ki faɗa, zan haɗiye shi kamar yadda na haɗiye sauran. Amma hannun da ya daka naman nan bai gaji da ni ba, na ɗanɗana na sani. Ni naki ne, ya ke tauraruwar asubahina, a kan ganuwa ko a ƙarƙashinta, har ranar da za a miƙe ni a dama cikin kabari. Ba wata mace da idona zai sauka a kanta, ko gulbi ya koma gudu zuwa tudu.

Ba zan ce ki kira sunana gaban maza ba. Amma ke ɗiyar malami ce, hannunki ya fi nawa kyau a allo. Ɗauki alƙalamin babanki da tawadarsa, ki rubuta a takarda cewa kina jiran mijinki da yardarki, ki miƙa wa alƙali da hannunki kafin wani ya buɗe baki. Kuma kada ki rubuta mai gida, kada ki rubuta surukin kowa. Ki rubuta shi baƙi-baƙi, da wasalinsa, alƙali ya karanta da ƙarfi har na zaure su ji:

Namadi na Fakku, ɗan baka a ƙofar yamma ta Tambuwal, mijin Mardiya.